Mun nemi kujera ɗaya da abokina, shi aka ba: ku duba min saƙon taya murnar nan

Ɗan Sito:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni da wani abokina sashe ɗaya muke aiki, kuma tare aka ɗauke mu. Da kujerar shugaban sashe ta faɗi, mu biyun duk muka nema, muka shiga intabiyu. Yau da safe takarda ta fito, shi aka ba. Ina so in tura masa saƙo kafin dare, ga abin da na rubuta ban tura ba tukuna:

"Salam abokina. Na ji labari, ashe kai aka ba! Gaskiya ka yi sa'a, don mutane da yawa sun nema. Mu dai muna nan muna jiran namu lokacin. Wallahi ko kaɗan ban ji haushi ba. Yanzu ka zama oga, kada ka manta da mu. Allah ya sanya alheri."

Ina ƙaunarsa tsakani da Allah, kuma ba zan ɓoye muku ba, na so kujerar nan. Da na sake karanta saƙon sai na ji kamar akwai abin da ke ɗingishi a ciki, amma na kasa gane inda yake.

Kai-Tsaye:
Ɗan'uwa, ni ban ga abin wahala a nan ba. Abokinka ne, ya san ka nema, ya san ba ka samu ba. Ka gaya masa gaskiya kawai: abin ya yi min ciwo, amma na taya ka murna. Duk wani kwaskwarima da za ka yi zai gane. Gara ya ji daga bakinka da ya riƙa karanta fuskarka.

Hajiya Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka yi dabara da ba ka tura ba. Na daɗe a ofishin kula da ma'aikata, kuma duk ranar da takardar ƙarin girma ta fito nakan ga irin waɗannan saƙonnin, domin waɗanda aka tura wa sukan kawo min su karanta, su ce "Hajiya, ke me kika fahimta a nan?" Bari mu bi naka a hankali.

Kafin komai, ka duba wa ake magana a kansa. Jimla shida ka rubuta bayan sallama. Ta uku a kanka take, ta huɗu a kanka take, rabin ta biyar ma a kanka take. Addu'ar da ita ce asalin saƙon ta zo a ƙarshe, kuma ita ce mafi gajarta. Mutum ya buɗe saƙon yana sa ran a yi maganar ranarsa, sai ya tarar da labarin halin da kake ciki. Ta nan ƙyashi ke leƙowa, ko da babu shi a zuciyar mai rubutun.

"Ashe kai aka ba" mamaki ne, mamaki kuma yana nufin ba ka zaci zai samu ba. "Ka yi sa'a" ta fi ta nauyi, saboda ta ɗauke nasarar daga aikinsa ta miƙa wa dace. Mutumin da ya shekara yana dawainiya, ya shirya wa intabiyu, aka zaɓe shi, idan ka ce masa ya yi sa'a, abin da kunnensa zai ji shi ne kowa ma zai iya samu, kai ne dai ƙuri'a ta faɗa wa.

Wadda ta fi damuna ita ce rantsuwar. Wa ya tambaye ka ko ka ji haushi? Bai tambaya ba. Da ka rantse a kan abin da ba a tuhume ka da shi ba, kai da kanka ka shigo da maganar haushi cikin ɗakin, kuma daga nan ba ta fita. Yanzu dole ya amsa maka a kan wannan, ya lallashe ka, ya ce "haba, ai kai ma ka cancanta." Ka ga ranar murnarsa ta koma ranar jinyar zuciyarka.

"Kada ka manta da mu" kuwa, na san wasa kake nufi, kowa yana faɗa. Amma daga bakin wanda ya nemi kujerar bai samu ba, kuma daga gobe zai zama a ƙarƙashinsa, ba za ta fita a matsayin wasa ba. Roƙo ce da zargi a haɗe: ka yi min alfarma, kuma ina tsoron za ka canza.

Ɗan Sito:
Hajiya, na gode ƙwarai. To idan na cire duk waɗannan, ai abin da ya rage "Allah ya sanya alheri" ne kaɗai. Ba zai ga kamar na yi ne don a fita hakki ba? Ga shi kuma Kai-Tsaye na cewa in faɗa masa ya yi min ciwo.

Hajiya Mai Ritaya:
Zai gani mana. Gajeren saƙo busasshe daga aboki na kusa shi ma magana ce. Wurin da ka share sai ka cike shi da wani abu, kuma abin da ake cikewa da shi shi ne aikinsa da ka gani da idonka. Ba "kai haziƙi ne" ba, wannan kowa zai rubuta, har wanda bai san lambar ofishinsa ba. Abu ɗaya takamaimai, wanda sai wanda ya zauna kusa da shi zai sani. Ka tuno min: me ya taɓa yi a wurin aikin nan da ya burge ka, tun kafin maganar kujera ta taso?

Maganar Kai-Tsaye kuma, yana da rabin gaskiya. Abokinka ya sani, kuma ƙarya ba ta da amfani. Amma yin shiru a kan ciwonka a cikin saƙon taya murna ba ƙarya ba ce. Kowace magana da muhallinta. In har abotarku ta kai, za ku zauna wata rana ku yi maganar baki da baki, bayan ƙura ta lafa. Ba yau ba, kuma ba a rubuce ba, domin rubutu yana zama a waya, a sake karanta shi ranar da aka ɓata.

Kai-Tsaye:
Hajiya, da girmanki, ban gamsu duka ba. Mutum biyu sun shiga ɗaki ɗaya an yi musu tambayoyi, sannan ɗaya ya rubuto saƙo kamar bai ma san an yi takara ba? Ni in aka turo min haka zan ce yana ɓoye wani abu. Aƙalla a taɓa maganar ko da layi ɗaya ne.

Autar Mama:
Ni dai shawarata, idan aka yi wa mutum ƙarin girma kada ya yi ta yayatawa. Lokacin da na samu sabon aiki ban gaya wa kowa ba sai da na fara zuwa, saboda baki da ido. Ka ce wa abokin naka ya rage sanarwa.

Maman Biyu:
Auta, ai ofis ne ya fitar da takarda, ba abin ɓoyewa. Sannan don Allah Ɗan Sito kada ka ce masa ya rage sanarwa, ko ka rubuta "Allah ya tsare ka daga mahassada." Addu'a ce mai kyau daga bakin mahaifiyarsa. Daga bakin wanda suka yi takara, tambayar da za ta fara zo masa ita ce: su wa yake nufi?

Bari in ba ku nawa, ta ɓangaren wadda aka taya murna. Da na bar tsohon wurin aikina na koma wani da ya fi shi, saƙonni sun shigo da yawa. Yawancinsu na manta su a ranar: sitika, hoton fure, da doguwar addu'ar nan da ake turawa kowa ba a ko canza suna ba. Biyu ne suka zauna min. Ɗaya daga wata ƙawata ce ta kusa, ta ce ta taya ni murna, amma ta ji an ce wurin ba sa daɗewa da ma'aikata, in yi hattara, sannan ta tambaye ni nawa ne albashin. Ban ce tana min baƙin ciki ba, har yau ban ce ba, mai yiwuwa damuwa ce ta gaske. Amma murnata ta sace a take, na kwana ina tunanin ko na yi kuskuren karɓar aikin. Ɗayan daga wata ce da ba mu ma shaƙu sosai ba. Ta rubuto cewa ta tuna yadda nake tsayawa bayan an tashi ina koya wa sababbin ma'aikata yadda ake cike fom, ta ce wurin da zan je sun yi dacen mai haƙuri, sannan ta tambaye ni wane irin aiki zan riƙa yi a can. Na zauna na ba ta labari mai tsawo, saboda na ji tana son ji.

Mai Karatun Halayya:
Abin da Maman Biyu ta ba da labari an yi bincike a kansa. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Shelly Gable, ita da abokan aikinta sun wallafa aiki a 2004 kan yadda mutane ke amsawa idan na kusa da su ya kawo musu labari mai daɗi. Sun ga amsa iri huɗu ce. Akwai mai nuna farin ciki ya shiga labarin da tambayoyi, akwai mai cewa "madalla" a taƙaice ya wuce, akwai mai zaƙulo matsalar da ke cikin abin, akwai kuma mai kau da zancen ya koma kan nasa. Ta farkon ce kaɗai aka ga tana tafiya tare da ƙarfin zumunci. Har "madalla" ɗin nan mai sanyi, wadda ba ta da laifi a ido, ba ta gina komai. Ƙawar Maman Biyu ta farko iri na uku ta yi. Saƙon Ɗan Sito na farko kuma ya fi karkata ga na huɗu.

Ɗan Sito, wani abu kuma da zai iya sanyaya maka rai. Abraham Tesser ya yi bayani a 1988 cewa nasarar wani ta fi yi mana zafi idan abu biyu suka haɗu: mutumin na kusa da mu ne, kuma fagen da ya yi nasarar fage ne da mu ma muke auna kanmu da shi. Da abokinka gasar gudu ya ci, da alfahari kawai za ka yi da shi. Da baƙo aka kawo daga waje aka ba kujerar, da zafin bai kai haka ba. Don haka abin da kake ji ba shaida ba ce cewa ba ka ƙaunarsa, kusancin ne ma ya jawo shi.

Malam Na Zaure:
Madalla da wannan bayani. Ni maganar lokaci zan ƙara, domin na ga ɗan'uwa ya ce kafin dare, kuma ya yi daidai. A hadisin Ka'abu bin Malik da Bukhari da Muslim suka ruwaito, bayan yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira, an ƙaurace masa dare 50, sannan Allah ya karɓi tubarsa. Ya ce da ya shiga masallaci, Ɗalha bin Ubaidullahi ya miƙe da sassarfa ya zo ya yi musafaha da shi, ya yi masa barka, kuma babu wani cikin Muhajirai da ya miƙe in ba shi ba. Ka'abu bai taɓa manta wa Ɗalha wannan ba. Ba a ruwaito mana wani dogon jawabi daga Ɗalha ba. Abin da aka riƙe shi ne ya miƙe, kuma ya yi sauri.

Wanda aka ƙara wa girma yana lura da wanda ya zo da wuri, yana kuma lura da wanda ya yi shiru. Kai musamman, shirunka zai fi na kowa ƙara a kunnensa, saboda kai yake jira. In ka bari sai bayan kwana uku, ko da ka rubuta saƙo mafi kyau, zai riga ya fassara kwanakin da kansa.

Sai dai ina da ja kaɗan da Hajiya a kan sa'a. Mu mun yarda Allah ne mai bayarwa. In ce wa mutum "Allah ne ya ba ka" ai ba rage masa daraja ba ne, tunatarwa ce.

Hajiya Mai Ritaya:
Malam, ba mu saɓa a kan aƙida ba, Allah ne mai bayarwa. Amma ka san yadda ake furta ta a ofis. Akwai "Allah ya ba ka, Allah ya sanya albarka," akwai kuma "to, Allah ne ya ba ka" da ake ja da wata irin murya, ma'anarta ba don ka fi kowa ba. A rubuce babu murya, mai karatu ne ke sa mata wadda ya ga dama, kuma daga abokin takara zai iya sa mata ta biyun. Shi ya sa nake cewa a haɗa biyun: a ambaci aikin da ya yi, sannan a yi addu'a. In aikin ya riga ya zo, addu'ar ba za ta yi kama da rage masa ba.

Malam Na Zaure:
Na karɓi wannan, in dai ba a bar addu'ar a baya ba.

Ɗan Sito:
Na yi tunanin tambayar Hajiya. Akwai lokacin da lissafin kayan sito ya ƙi daidaita, ga masu bincike na tafe, kowa ya rikice. Shi ya zauna ya bi takardun shigar kaya ɗaya bayan ɗaya har ya gano an shigar da kaya guda sau biyu. Kuma ya san wanda ya yi kuskuren, yaro ne sabon ɗauka, amma bai tona shi a gaban mutane ba, ya ja shi gefe ya nuna masa. Ga sabon da na rubuta:

"Salamu alaikum. Na ga takardar da ta fito yau, ina taya ka murna ƙwarai. Na tuna lokacin da lissafin sito ya rikice, yadda ka zauna ka bi takardun nan har ka gano inda aka maimaita, kuma ka rufa wa yaron nan asiri ka koya masa. Sashen nan ya samu shugaban da ya san aikin kuma ya san mutane. Babu wanda ya cancanci kujerar nan sai kai. Allah ya sanya alheri, ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon yin adalci. Gobe zan shigo in yi maka barka."

Maman Biyu:
Wannan ya yi nisa da na farko. Maganar yaron nan ita ce ran saƙon, kada ka taɓa ta. Ni da zan ƙara, sai in sa tambaya ɗaya, kamar yaushe zai karɓi aiki, don ya samu ƙofar ba ka labari.

Hajiya Mai Ritaya:
Ya yi kyau ɗana, saura gyara biyu. Cire "babu wanda ya cancanci kujerar nan sai kai." Da ka yarda da haka da ba ka nema ba, kuma shi ma ya san wannan. Yabon da ya wuce abin da kake iya tsayawa a kai yana tona mai shi kamar yadda rantsuwar farko ta yi: mutum ya ji an zuba da yawa, sai ya fara tambayar me ake rufewa. Jimlar da ta zo kafinta ta wadatar, kuma gaskiya ce da za ka iya maimaitawa a gabansa ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Wannan ne ma'aunin da nake ba mutane: duk jimlar da ba za ka iya faɗa masa ido da ido ba, kada ka rubuta ta.

Na biyu, "ya ba ka ikon yin adalci." Addu'a ce da ake yi wa kowane shugaba, ba laifi a cikinta. Amma kai za ka koma ƙarƙashinsa, kuma kai ne wanda bai samu ba. Zai iya jin kamar kana ja masa kunne tun bai zauna ba. "Ya taya ka riƙo" ta ɗauke duk abin da kake nufi. Tambayar da Maman Biyu ta kawo kuma ka sa ta, amma ta tsaya kan aikin. Ban da albashi, ban da alawus, ban da wa ya tsaya masa.

Malam Na Zaure:
A nan kam ban bi Hajiya ba. Addu'ar adalci ita ce mafi alherin abin da za ka roƙa wa wanda aka ɗora wa nauyin mutane. In abokin kirki ne zai ce amin da zuciya ɗaya. Ni zan bar ta.

Kai-Tsaye:
Ni ma har yanzu ina kan bakana. Saƙon ya yi kyau, amma ko'ina ba a nuna an yi takara ba. Me zai hana ya sa layi ɗaya: "Mun nema tare, an ba ka, kuma ina tare da kai." Babu kuka a ciki, babu rantsuwa. Shi abokin ma wataƙila yana can yana jin nauyin yadda zai haɗa ido da shi.

Hajiya Mai Ritaya:
Wannan da ka rubuta yanzu ba irin ta ɗazu ba ce, Kai-Tsaye. Ɗazu cewa ka yi ya faɗi ciwonsa, yanzu kuwa goyon baya ka rubuta, kuma ka taɓo abu mai muhimmanci: wanda ya ci shi ma yana cikin takura. Na sha ganin sabon shugaba yana kauce wa abokinsa a baranda, ba don girman kai ba, don bai san me zai ce ba. Layin naka zai iya sauke masa wannan nauyin. Sharaɗina ɗaya ne, ya zo bayan yabon da addu'ar, kada ya buɗe saƙon, kuma kada a ƙara masa ko kalma. Da an ce "duk da cewa" ko "ko da yake," an koma gidan jiya. Ni da kaina zan fi son a faɗe shi gobe da baki. Ɗan Sito ne ya san abokinsa, shi zai zaɓa.

Autar Mama:
Yanzu na fahimci zancen, ku yi haƙuri. To tambaya: idan ofis suna da guruf kowa na ta tura barka a ciki, ya tura a can ne ko ta gefe?

Maman Biyu:
Duka biyun, amma ba saƙo ɗaya ba. Dogon ya tafi ta gefe, kuma shi zai fara turawa. A guruf layi ɗaya ya isa, "Barka, Allah ya taya riƙo," saboda sauran ma'aikata sun san ya nema, kuma suna kallon ko zai yi magana. In ya zuba dogon yabo a bainar jama'a, wasu za su ce yana neman gindin zama wurin sabon oga. Kuma maganar yaron da ya yi kuskure ba ta guruf ba ce ko kaɗan, yaron yana ciki.

Ɗan Sito:
Na cire jimlar cancanta, na ƙara tambayar ranar karɓar aiki, na bar addu'ar adalci kamar yadda Malam ya ce. Layin Kai-Tsaye zan riƙe shi sai gobe. Wani abu kuma: tun da muka san juna sunansa nake kira. A saƙon nan in rubuta "oga" ko "ranka ya daɗe"?

Hajiya Mai Ritaya:
A saƙon nan kira shi yadda ka saba. In ka canza masa suna a daren farko, kai ka fara gina katanga, kuma "oga" daga bakinka yau za ta iya yin kama da gatse. A wurin taro ko gaban ƙananan ma'aikata kuwa, ka ba kujerar girmanta, domin su daga gare ka za su koyi yadda za su ɗauke shi. Yadda za ku raba tsakanin ofis da waje, wannan ku biyu za ku daidaita a hankali, kuma yakan ɗauki watanni.